Taurari Biyar a Kan Kunnen Yaya

A gidanmu ba a gulma, kuma ba don tsoron Allah ya yi mana yawa ba. Dalilin shi ne Yaya, babbar 'yar gidan, wadda tun tana ƙarama ake ce mata Kunnen Gida. Ka shiga ƙuryar ɗaki ka rufe ƙofa, ka yi raɗa da bakinka a kan matashi, da safe za ta maimaita maka abin da ka faɗa har da tarin da ka yi a tsakiya. Ita ke sanar da mu dawowar Baba tun kekensa yana bakin layi, wai sarƙar tana da wani kuka da ba na kowa ba. Mu dai ba mu taɓa jin kukan ba, amma duk wanda ya yi gardama ya ci gaba da ɓarna, shi ke shan bulala.

Ni ne auta, kuma walda nake yi. Shekara goma sha takwas ina tsakanin guduma da injin yankan ƙarfe, sai an kira ni sau biyu nake juyowa. Idan akwai kurma a zuriyarmu ni ne, kuma ban taɓa musu ba. Na faɗi wannan tun da wuri don a gane dalilin da har yau idan na tuna abin da aka yi wa Yaya nake jin wuyana yana zafi.

Shekara ashirin da ɗaya ta yi a wani ofis tana buga takardu, daga tafireta har aka koma kwamfuta. Ita ake kira ta zauna a gefen teburin taro, manya suna ta katse juna, ita kuwa tana ɗauke komai. Da aka rage ma'aikata aka sallame ta, ba ta zauna tagumi ba. Ta share ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, ta sa tebur da kujera, ta sayi hedifon mai rufe kunne duka, da wata feda da take takawa da ƙafa don tsayar da murya ko mayar da ita baya. Ta rataya tsohon bargo a taga saboda ƙarar babura. Sannan ta buɗe shafi a ɗaya daga cikin kasuwannin intanet ɗin nan, inda mai aiki ke saka aikinsa, masu sana'a su nema, shi kuma ya duba shafin kowa ya zaɓa.

Sana'arta ita ce a aiko mata da maganar da aka naɗa, ta saurara ta mayar da ita rubutu. Wani zai ce ai yanzu na'ura na yin wannan. Tana yi, idan mutum ɗaya ne yake magana a ɗaki shiru kamar mai karanta labarai. Amma a kawo hirar da aka ɗauka a tsakiyar kasuwa, mutum huɗu suna magana lokaci guda, ga injin niƙa, ga jariri, ga wata tsohuwa da ba ta da haƙora, nan na'ura take kwanciya. Irin waɗannan su ne abincin Yaya. A sana'arsu, inda magana ta gagari kunne ana sa alamar “ba a ji ba” tare da mintin wurin. Wasu sukan cika shafi da ita. Yaya takan gama hirar awa biyu da irin wannan alama guda uku, kuma ukun ma sai ta wuni tana tsaki a kansu. Wato ba yatsu take sayarwa a kasuwar nan ba, kunne take sayarwa.

Shekara huɗu aiki yana bin ta har tana mayar da wani. Tsarin wurin kuwa, duk aikin da aka gama, mai aiki zai ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta 'yan kalmomi na sharhi. Shi ma ma'aikacin zai rubuta nasa a kan mai aikin, kuma babu mai ganin na wani sai duka biyun sun rubuta, ko mako biyu ya cika. Sabon sharhi shi ke zama a sama, shi ne farkon abin da baƙo zai gani. Yaya tana da wata ɗabi'a da na sha yi mata magana a kai: ba ta karanta sharhin. Taurari kawai take leƙawa, idan ta ga biyar ta rufe.

“Auta, yabon kai jahilci,” in ji ta. “In zauna ina karanta ana cewa na iya, sai ka ce amarya gaban madubi?”

Ana nan sai wata malamar jami'a ta zo da aiki, hira goma sha biyu da ta yi da mata 'yan kasuwa don wani bincike. Dakta muke ce mata, don haka ta rubuta a gaban sunanta. Mace ce mai faran-faran, kowane saƙo sai ta fara da gaisuwa, ta tambayi gida da yara. Yaya kuwa idan aka gaishe ta da mutunci sai ta saki jiki, ta ɗauki mutum kamar maƙwabcin shekara goma.

Tana kan hira ta tara mura ta kama ta, ta sauka mata a kunnen hagu. Ya toshe, yana zugi. Likita ya duba ya ce ƙwayoyin cuta ne, ya ba ta magani, ya ce ta ajiye hedifon na 'yan kwanaki. Wani da sai ya lallaɓa da kunne ɗaya, ya zuba “ba a ji ba” ya miƙa. Yaya ta ce ba za ta sa hannunta a kan aikin da ba ta ji da kyau ba. Ta rubuta wa Dakta ta nemi ƙarin kwana huɗu. Da ta tsaya nan, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma Dakta ta tambaya, “Lafiya dai ko, 'yar uwa?” Yaya kuma ta ɗauka tambayar gaskiya ce, ta amsa da gaskiya: kunne ne, kwana biyu ba ta ji sosai da hagu, amma tana shan magani.

Kwana tara ciwon ya yi ya tafi. Ta gama aikin, Dakta ta karɓa ba gyara ko ɗaya. Yaya ta rubuta nata sharhin, ta ce ba ta taɓa aiki da mutuniyar kirki irin wannan ba. Da na Dakta ya fito ta leƙa, ta ga taurari biyar, ta rufe.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Da, a mako takan sami gayyata biyar ko shida daga masu aiki. Suka koma biyu, suka koma babu. Ta riƙa neman aiki da kanta, tana aika takardar nema, shafin yana nuna mata an buɗe an duba, sannan shiru. Ta ce ko lokacin hutun makarantu ne. Ta ce ko na'ura ce ta ƙara wayo. Ta rage farashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Inna, mahaifiyarmu, ta ce baki ne. Ashe Inna ce ta fi kowa kusa da gaskiya.

Sai da aka yi mako bakwai wani lauya, Allah ya saka masa, ya amsa mata da layi biyu. Ya ce ya gode, amma muryoyin da ke hannunsa ba su fita sosai, yana bukatar wanda jinsa yake lafiya ƙalau, kuma yana yi mata fatan sauƙi.

Ranar na shigo da rana daga shago na same ta tsaye a bayan kujera, ba ta zauna ba. Ta ce, “Auta, zo ka karanta mini wannan. Idona ne ko haka aka rubuta?”

Na duƙa na karanta da ƙarfi. Ga abin da ke saman shafinta, ƙarƙashin taurari biyar reras:

“Baiwar Allah mai haƙuri da riƙon amana. Duk da tana fama da matsalar kunne, ba ta ji sosai, ta yi iya ƙoƙarinta ta kammala. An ɗan sami jinkiri saboda lalurar, amma na fahimta. Don Allah ku riƙa ba ta aiki, ku yi mata uzuri.”

Na sake karantawa. Wallahi da zagi ne da ya fi mini sauƙi. Wanda ya zage ka, mai karatu zai iya cewa ƙila faɗa suka yi. Amma wa zai ƙaryata wadda ta ba ka taurari biyar tana kiran ka baiwar Allah? Kowa ya gani zai ce ai ko mai ƙaunarta ta yarda ba ta ji. Kuma ku dubi yadda aka jera maganar. Ba a ce ta yi ciwo na kwana tara ya wuce ba, an ce “tana fama”. Ba a ce aikin ya fito tsaf babu gyara ba, an ce “ta yi iya ƙoƙarinta”, abin da ake faɗa wa yaron da ya zo na ƙarshe a tsere. Mai rubuta magana daga murya, a ce ba ta ji! Kamar a rubuta a ƙofar shagona cewa mai waldan nan kirki gare shi, sai dai ƙarfensa ba ya kamawa.

“Ba ni lambarta,” na ce.

“Ba ni da lambarta. Ta cikin shafin muke magana. Kuma ko ina da ita, kai zan ba? Zauna, kana tare mini haske.”

Ta fara da masu kula da shafin. Bayan kwana uku suka amsa da ladabi mai sanyi, cewa sun duba, babu zagi, babu barazana, babu lambar waya ko adireshi, don haka ra'ayin mai aiki ne, ba sa taɓawa. Mai sharhin ce kaɗai ke iya gyarawa, idan ma'aikaci ya buɗe mata dama, shi ma cikin mako biyu da fitowarsa. Mako biyun nan kuwa sun wuce tun Yaya tana zargin hutun makarantu. Abin da ya rage mata shi ne ta rubuta amsa a ƙarƙashin sharhin, kowa ya gani.

Sai ta rubuta wa Dakta. Na ga saƙon kafin ta aika, rabinsa gaisuwa ne da ban haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi. Amsar da ta dawo kuwa na haddace ta don takaici.

“Haba 'yar uwa! Taurari biyar fa na ba ki, abin da ban cika ba kowa ba. Don in jawo miki tausayin mutane na rubuta. Ban zaci alheri zai zama abin ƙorafi ba.”

Tausayi! Wa ya roƙe ta? Wanda ya shiga kasuwar nan da hirar da zai kai kotu ko gaban masu jarrabawa, ba sadaka ya fito bayarwa ba. Mutum arba'in ne suka nemi aikinsa, yana da minti ɗaya ga kowa, dalilin cire mutum yake nema. Dakta ta ɗauko dalilin ta goge shi ta ajiye a saman shafi. Kuma mace ce da aikinta kenan auna kalmomi, wadda ke mayar wa ɗalibai takarda saboda waƙafi.

Amma ban hana ta haƙƙinta ba, bayan kwana biyu ta huce ta dawo da shawara. Ta ce akwai sauran hira guda da ba a rubuta ba, wadda ta ajiye don ta ɗauka ba mai iya jin abin da ke ciki saboda ƙara. Za ta buɗe sabon aiki, Yaya ta yi, ita kuma ta rubuta sabon sharhi ya hau kan tsohon. Aiki ne na gaske, ba a karya dokar kowa ba. Yaya ta ce to. Ni na ce ta rubuta mata abin da za ta faɗa kalma da kalma. Yaya ta harare ni.

“In koya wa Dakta rubutu? Ai an gaya mata, ta gane.”

Na saurari minti ɗaya na hirar nan, ban ji komai ba sai iska da janareto. Yaya ta rufe ƙofa kwana biyu, ƙafarta a kan feda, gaba, baya, gaba, baya. Ta fito da shafi talatin da ɗaya, alamar “ba a ji ba” guda biyu rak. Har da wani wuri da wata mata a can baya ta yi ƙasa da murya ta ce wa 'yar uwarta kada ta faɗi gaskiyar abin da suke biya na rumfa. Dakta da ke zaune a wurin da kunnuwanta biyu ba ta ji wannan ba. Ta aiko da saƙo tana ta mamaki, wai layin nan kaɗai ya juya mata babi guda.

Washegari sharhi ya fito. Wannan karon Yaya ba ta tsaya kan taurari ba, ni ma ina tsaye a kanta.

“Alhamdu lillahi, kunnenta ya fara samun sauƙi, aikin wannan karo ya fi na baya. Waɗanda suka guje ta saboda lalurarta su ji tsoron Allah. A ci gaba da haƙuri da ita.”

Taurari biyar.

Garin neman gira an rasa ido. Da sharhi ɗaya ne, mai hankali zai iya cewa kuskure ne. Yanzu biyu ne a jere. Na biyun ya tabbatar da na farko, ya ƙara da cewa aikin baya bai kai ba, sannan ya sanar da duniya cewa mutane suna gudun ta. “Ya fara samun sauƙi”, kunnen da ya ciro raɗa daga ƙarƙashin janareto.

Na ce a buɗe mata damar gyara, tunda wannan bai kai mako biyu ba. Yaya ta buɗe, ta roƙe ta ta cire maganar kunne gaba ɗaya. Dakta ta amsa cewa ita ba ta saba ɓoye gaskiya ba, kuma ta lura duk abin da ta yi ba ta burgewa, saboda haka ta wanke hannunta. Ba ta sake amsa saƙo ba.

Na koma tsakar gida na zauna da wayata, na fara tsara amsar da za a sa a ƙarƙashin sharhin. Ban rage wa Dakta komai ba, har digirinta sai da na taɓa. Ina cikin karantawa a hankali don in ji daɗinta, sai muryar Yaya ta fito daga ɗaki, ƙofa a rufe.

“Auta, ‘marar tunani’ ɗin nan cire shi. Sauran ma goge.”

Na shiga na ce to ta rubuta nata, cikin ladabi, ta ce ciwon kwana tara ne ya warke, ga takardar likita ma idan ana so.

Ta juyo da kujera ta dube ni. “Yanzu sau nawa aka ambaci kunne a shafin nan?”

“Sau biyu.”

“In na amsa ya zama uku, na ukun kuma daga bakina. Wanda ke sauri ba zai karanta ‘ya warke’ ba, kunne zai gani, ya ga mace tana kare kanta, ya wuce. Ka taɓa jin mai lafiya yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau?”

Na ɗaga wayata na goge abin da na rubuta.

Dabarar da ta yanke ita ce ta binne su. Shafin farko sharhi goma yake nunawa, kuma ba kowa ke danna na biyu ba. Idan ta sami sababbi goma, na Dakta za su gangara. Amma masu aikin murya ba sa zuwa, sai ta koma neman abin da ba ya bukatar kunne: a ɗauki hoton tsohuwar takarda a aiko, ta kwafe ta da yatsu. Aikin da ta bari tun zamanin tafireta, wanda duk mai kwamfuta yake nema, mutum ɗari a kan guda. Takan yi mako uku kafin ta sami ɗaya. Kowanne ta gama, yanzu tana karanta sharhin har sau biyu. “Tana da saurin bugu.” “Kwafi mai tsabta.” Abin da ya ƙara ƙona mini rai, shafin ya ga irin aikin da take yi, ya fara tura mata irinsa, ya daina nuna mata na murya sosai. Sunan da ta yi shekara huɗu tana ginawa da kunne, yanzu da hannunta take rufe shi da kwafin takardu. Wata biyar kenan, ta sami bakwai.

Jiya da la'asar na kai mata ƙafar tebur da na gyara. Hedifon ɗin yana rataye a ƙusa, ta lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Feda tana ƙarƙashin tebur, an naɗe wayarta. Amma na lura tana kwafin wani tsohon rahoto ƙafarta ta dama tana taka siminti, gaba, baya, ba ta ma sani ba. Na tsaya ina kallo, sannan na fara faɗa da ƙusar teburin don kada ta gane na lura.

Ba ta ɗago daga allon ba ta ce, “Bar wannan ka je ka buɗe ƙofa. Inna ce, kuma ta ɗauko kaya mai nauyi, tana jan ƙafar hagu.”

Na kasa kunne, ban ji komai ba sai babura. Na fita zaure na zare sakata, na leƙa. Layin babu kowa. Na tsaya riƙe da ƙofa ina ƙirga numfashina, sai can ga Inna ta ɓullo daga kwana da buhu a ka, tana jan ƙafar hagu.